Takardun farashi biyu daga masu girkin taro: wacce ce mai sauƙin da gaske?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ni aka ɗora wa nauyin abincin liyafar ƙungiyarmu, mutum 150, saura wata biyu. Masu girki biyu sun turo mini farashinsu. Ba zan sa ainihin kuɗin a nan ba, amma don a ga tazarar, a ɗauka ta farko ta ce 100 kan kowane mutum, ta biyu 120. Jimla 15,000 da 18,000 ke nan. Abincin kusan iri ɗaya ne: shinkafa, kaza, kayan lambu da abin sha, kuma duka a jere za a shirya shi kowa ya zo a zuba masa. Ta farko ta rubuta kaza giram 200 ga kowa, ta biyu giram 120 kacal. Hankalina ya fi kwanciya da ta farko, ga sauƙi ga yawan nama, amma shugabarmu ta ce kar in biya ko sisi sai na tambayi waɗanda suka san harkar. Me ya kamata in duba?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba ya buƙatar doguwar muhawara. Ta farko ta fi arha, ta fi nama. Abu ɗaya kawai, kar ki ce mata 150. Ce mata 165. Taro kullum sai an sami waɗanda ba a gayyata ba, kuma gara abinci ya yi saura da ya gaza.

Hajiya Talatu: Maman Ilham, dakata tukuna. Sana'ata ce wannan, kuma abin da na fara gani a saƙonki shi ne giram 200 ɗin nan. Koma ki tambaye ta: ɗanye ne ko dafaffe? Da ƙashi ko babu? Ita ma ta biyun ki yi mata tambayar nan. Yawancinmu da ɗanyen nauyi muke lissafi, don da shi muke saye, amma baƙo dafaffe yake gani a farantinsa. Har sai kin sami amsar nan, lambobin biyu ba sa gaya miki komai.

Na biyu, ki turo mana abin da kowacce ta rubuta a ƙasan farashin, musamman ƙananan layukan da ido ke tsallakewa. Ma'aikata nawa, awa nawa, faranti da cokula na wa, kuɗin mota, kafin alƙalami nawa, da abin da zai faru in an fasa.

Nura: Anti, mutum 150 ki lissafa ɗanyar shinkafa giram 70 zuwa 80 kan kowa, kilo 12 zai ishe ki har da ɗan rara. Kar ki yarda a ce miki sai buhu biyu.

Anti Rabi: Nura, ba ita za ta dafa ba fa. Karanta da kyau.

Nura: Au, na ɗauka ita ce mai girkin. A yi haƙuri.

Hajiya Talatu: Bar shi, lissafinsa bai ɓaci ba, zai ma yi mata amfani. In mai girki ta ce kilo 8 za ta dafa wa mutum 150, kin san tun yanzu cokalin zubawar ƙarami ne.

Maman Ilham: Na kira su duka biyun, ga abin da na samo. Ta farko: giram 200 ɗin ɗanye ne, da ƙashi. Ma'aikata 3 ne za su zo, masu zuba abinci, na awa 3. In ina son ƙari, 250 kan kowane ma'aikaci. Faranti, cokula da kofuna haya ce daban, 8 kan kowane mutum. Mota 300. Kafin alƙalami kashi 60 cikin ɗari na kuɗin abincin, kuma ta ce ba ya dawowa ko me ya faru. Ragowar abinci tawa ce.

Ta biyu: giram 120 ɗin dafaffe ne, tsoka zalla. Ma'aikata 8 na awa 5, da kayan ci da mota da share wuri, duk a cikin 120 ɗin. Kafin alƙalami kashi 30. Amma ta ce ba ta bayar da ragowar abinci, dokar aikinta ce. Wannan kam ya ɓata mini rai. Abincin da na biya?

Hajiya Talatu: Madalla, yanzu aka zo wurin. Bari mu fara da kazar. Giram 200 da ƙashi: cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashi, saura 150. In ta sha wuta, ruwa da kitse su fita, za ta sake rasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da zai kai bakin baƙo bai wuce giram 110 da 'yan kai ba. Ita kuwa ta biyu 120 ta yi alkawari, dafaffe. Kin ga wadda kika ɗauka ta kusa ninka 'yar uwarta a nama, a zahiri ita ce a ƙasa kaɗan. Ban ce ta yaudare ki ba, kowacce da ma'aunin da ta saba. Amma ke mai saye, dole ki dawo da su kan ma'auni ɗaya.

Sai kuɗi. Ɗauki 15,000 na ta farko. Ƙara hayar faranti, 8 sau 150, 1,200 ke nan. Ƙara mota 300. Mun kai 16,500. In za ki kai ma'aikatanta 8 kamar na ta biyu, mutum 5 sau 250, 1,250. Jimla 17,750. Tazarar 3,000 da ta ja hankalinki ta koma 250, kuma har yanzu awa 3 ne a nan, awa 5 a can. Ba ki faɗi kuɗin ƙarin awa ba, ki tambaya. Ki kuma tambayi kowacce ko akwai haraji ko kuɗin hidima da za a ɗora a kan jimlar, don wasu sai ranar cika kuɗi suke fito da shi.

Malam Sabo: Hajiya, maganar kaza na sallama. Amma ma'aikata 8 na mene ne? Ba fa a kan tebur za a kai wa kowa ba, layi za a bi. Ƙungiya ce, akwai matasa. A sa mutum biyar su taimaka, an huta da 1,250. Kin ga ta farko ta tsaya a 16,500, har yanzu ta fi sauƙi da 1,500.

Hajiya Talatu: Malam, da gaskiyarka ta wani gefen. In akwai matasan da za su tsaya da gaske, ana iya rage wasu. Amma bari in nuna maka inda aikin yake. Mutum 150 a layi ɗaya, a ce duk bayan daƙiƙa 20 mutum ɗaya yake barin gaban abincin. Daƙiƙa 3,000 ke nan, minti 50. Na ƙarshe a layi zai ɗauki faranti lokacin da na farko ya daɗe da wanke hannu. Don haka layi biyu ake so, a gama cikin minti 25. Layi biyu kuwa, ko masu zubawa bibbiyu ka sa, mutum 4 sun tafi. Sannan wa zai riƙa ɗauko sabon tire daga baya in na gaba ya ƙare? Wa zai kula da wutar da ke ƙarƙashin mazuban? Wa ke abin sha, wa ke kwashe faranti? Mutum 3 ba za su iya ba, ko su waye.

Matasanku za su iya abin sha da kwashe faranti. Abin da ban yarda a ba ɗan sa-kai ba shi ne cokalin zubawa. Ma'aikacina ya san cokali biyu ne na shinkafa, yankan kaza ɗaya. Ɗan ƙungiya kuwa in ya ga amininsa ko babba a gabansa, hannunsa sakewa yake yi. Mutum 40 na farko su ci rabon 60, na ƙarshen layi su tarar da shinkafa ba nama, sannan a ce mai girki ta yi ƙwange.

Anti Rabi: Ni abin da ya same ni ba yawan ma'aikata ba ne, agogo ne. An rubuta mini awa 4, na ɗauka daga lokacin da aka fara cin abinci ake ƙirgawa. Ashe daga isowarsu ne. Sun zo da wuri suka yi awa ɗaya da rabi suna jera kaya, masu jawabi kuma suka ja taron. Ana tsakiyar ci, shugaban ma'aikatan ya zo ya raɗa mini a kunne cewa lokacinsu ya cika, ko in biya ƙarin awa ko su fara naɗe kaya. A tsaye na biya, ko ciniki ban samu na yi ba. Maman Ilham, awa 3 ɗin nan ki sa a rubuta daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma ko jera kaya da kwashewa suna ciki.

Maman Ilham: Anti, wallahi wannan bai zo mini a rai ba. To maganar 165 da Malam Sabo ya kawo fa? In ƙara?

Hajiya Talatu: Kar ki ƙara tukuna. Tambayi kowacce abu biyu. Na farko, rarar nawa take dafawa a kan adadin da aka ba ta? Da yawa daga cikinmu muna ɗora kamar kashi 5 cikin ɗari ba tare da an ce mu yi ba, wato a 150 akwai na mutum 7 ko 8 a ɓoye. In kin ce 165, kin biya na mutum 15 a kan rarar da dama tana nan. Na biyu, yaushe ne ranar ƙarshe ta ba da adadi? Galibi mako ɗaya ne ko kwana 10 kafin taro. Kafin ranar kina iya ragewa ko ƙarawa. Bayanta kuwa ƙari yana yiwuwa, ragi ba ya yiwuwa, don an riga an yi sayayya. Saboda haka dabarar ita ce ki sa hannu a kan adadin da kika tabbatar, ki ƙara daga baya, amma a rubuta cewa ƙarin a farashin nan zai zo.

Kuma ki lissafa waɗanda ake mantawa: mai hoto, mai lasifika, direbobi, masu gadi. Suna ci, kuma ba sa cikin jerin baƙi.

Malam Sabo: Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ni taron da na sani, in an gayyaci 150, sai an ga 170. Kashi 5 ba zai rufe wannan ba.

Hajiya Talatu: In taron buɗaɗɗe ne, ba na musu da kai. In da kati ake shiga, sau da yawa ma ƙasa da adadin ake samu. Ita ta san irin nata.

Baba Audu: Ni ku koma kan ragowar abincin nan, shi ya tsaya mini. 'Yata, kin biya kuɗin abincin mutum 150, mutum 130 suka zo, na 20 ɗin na wa? Naki ne. Ga mabuƙata, ga ma'aikatan wurin, ga maƙwabta. A ce za a kwashe a zubar ko a tafi da shi? Ni da wannan sharaɗin kaɗai na bar ta biyun.

Sista Hauwa: Baba, Allah ya ƙara girma, bari in sa baki a nan don ɓangaren aikina ne. Ba lallai rowa ce ta sa ta ƙi ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba a wuta ba, ba a firij ba. Mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri. Tiren da aka buɗe tun farkon taro, wutar ƙasansa ta mutu ba wanda ya lura, cokula suna shiga suna fita, a ƙarshe a zuba a roba a sa a bayan mota, sai dare a ci. In wani ya kwana yana amai, sunan mai girkin za a kira.

Shinkafa ma abar tsoro ce, ba kazar kaɗai ba kamar yadda ake zato. Akwai ƙwayar cutar da ke iya tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ba kuma lallai ta yi wari ko ta canza kama ba. Don haka "na shinshina lafiya lau take" ba hujja ba ce.

Baba Audu: To 'yata, na ji. Amma ai ba duka ne aka buɗe ba. Wanda ke rufe a cikin kula da zafinsa fa, shi ma zubarwa za a yi?

Hajiya Talatu: Baba ya taɓo ainihin wurin. Ragowa kashi biyu ce. Akwai wadda ta hau teburin rabo, akwai wadda ba ta bar kula ko firij ba. Ta farkon ni ma ba na bayarwa in ta daɗe. Ta biyun ba ni da dalilin riƙewa. Maman Ilham, koma wa ta biyun da wannan: kin yarda da dokarta a kan abin da aka buɗe, amma tiren da ba a taɓa ba naki ne, za ki karɓa a ƙarfe kaza, ke za ki kawo robobi da kula mai ƙanƙara, kuma kin yarda ki sa hannu cewa daga nan alhakin ajiyar yana wuyanki. Wasu suna yarda. Wasu kuma inshorarsu ko dokar wurin taron ta ɗaure su, ba yadda za su yi.

Ita ma ta farkon da ta ce "ragowa taki ce", kar daɗin maganar ya ɗauke ki. Wa zai zuba? A cikin me? Ma'aikata 3 da awarsu ta cika ba za su tsaya ɗura robobi ba. Kuma rarar nan ta kashi 5 da ba ki biya ba, tana cikin "taki" ko tata ce? Ki ji daga bakinta.

Sista Hauwa: In an karɓa, a raba a ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, a sa firij nan take. Babbar tukunya guda tsakiyarta na daɗewa da ɗumi ko a cikin firij ne.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Ga cikakken sharaɗin fasawa na ta biyu, yanzu ta turo. In an fasa saura fiye da kwana 30, za ta riƙe kashi 10 na jimla ta dawo da sauran. Daga kwana 30 zuwa 8, kafin alƙalamin ya tafi gaba ɗaya. Kwana 7 ko ƙasa, sai an biya kuɗin duka. Ta farko dai magana ɗaya ce, kashi 60 ba ya dawowa. Ina ga a nan ta biyu ta fi adalci, ko?

Barista Ɗanlami: Maman Ilham, ya danganta da ranar da matsalar ta faɗo. Mu sa lambobin. Kafin alƙalamin ta farko, kashi 60 na 15,000, 9,000 ne. Na ta biyu, kashi 30 na 18,000, 5,400. In kun fasa gobe, a wurin ta farko kun yi asarar 9,000, a wurin ta biyu 1,800. In saura mako biyu, 9,000 da 5,400. Amma in saura kwana 3, lamarin ya juye: ta biyu za ta nemi 18,000 cif, ta farko kuwa 9,000 ne a hannunta. Sai dai ban ce ta farko ta fi a nan ba, don takardarta ba ta ce komai kan ragowar kashi 40 ɗin ba. Shirun nan ba yafewa ba ne. Ki sa ta rubuta ko za ta nema ko ba za ta nema ba.

Abubuwa uku kuma babu su a duka takardun, yadda kika kawo su. Ɗagewa daban take da fasawa: in an matsar da ranar, kafin alƙalamin zai bi ku zuwa sabuwar rana? Cikin wata nawa, kuma a tsohon farashi? Sannan rage adadi: in 150 ta koma 90, ana ɗaukarsa gyara ne ko rabin fasawa? Da yawa suna da ƙaramin adadin da ba a sauka ƙasa da shi. Na uku shi ne wanda kusan ba a rubutawa: in ita mai girkin ce ta fasa fa? A sa cewa za ta dawo da kuɗin duka cikin kwana kaza, ko ta kawo madadin da kika amince da shi. Kuma komai a rubuce, da rasit mai nuna kuɗin na mene ne. Abin da aka faɗa a waya kowa yadda ya ga dama yake tuna shi.

Hajiya Talatu: Barista, bari in kare 'yan sana'armu kaɗan. Biyan duka a kwana 7 na ƙarshe ba zalunci ba ne kamar yadda ake gani. A lokacin an sayi kaya, an ɗauki ma'aikata, an mayar da wasu masu neman ranar. Kashi 60 tun saura wata biyu kuwa ya yi yawa, don ba ta sayi ko albasa ba tukuna. Da ni ce Maman Ilham, sai in ce a raba: 30 yanzu, 30 saura mako biyu.

Barista Ɗanlami: Na yarda da rabawar. Biyan duka ne ban gamsu ba. In an fasa saura kwana 7, kazar da ba a saya ba da man motar da ba a ƙona ba, me ya sa za a biya su? Kamata ya yi a cire abin da ba ta kashe ba.

Hajiya Talatu: Ranar da ta rasa fa, wa zai biya ta? Kwana 7 ba ya isa a sami wani taron.

Barista Ɗanlami: Ribarta za a biya, ba kuɗin kazar da ke kasuwa ba. Kashi 70 ko 75 a kwana 7, duka a kwana 2, wannan zan iya sa hannu a kai.

Hajiya Talatu: Ta gwada, ban hana ba. Ni dai a wata mai cunkoson taro ba na sauka daga nawa.

Malam Sabo: Har yanzu ni ina wurin ta farko, in ta yarda ta raba kafin alƙalamin. A ɗauki ƙarin ma'aikata 2 su cika 5, huɗu a zubawa ɗaya a ɗauko tire, matasa su yi sauran. 17,000 ke nan.

Anti Rabi: Ka manta awa 3, Malam. Sai an ji kuɗin awa ta huɗu da ta biyar kafin ka rufe lissafin.

Maman Ilham: Na tura wa ta farko tambayar ƙarin awa da raba kafin alƙalami da kashi 40 ɗin. Ta amsa ɗaya: ƙarin awa 60 ne kan kowane ma'aikaci, wato mutum 5 na awa 2 ya zama 600. Sauran ta ce sai ta yi magana da abokiyar aikinta. Ta biyu ta yarda da ɗagewa sau ɗaya cikin wata 3, amma a kan tiren da ba a buɗe ba ta ce in ba ta zuwa jibi.

Nura: Anti, ki tambaye su ko abin shan kwalba nawa ne kan kowa, da ruwa da ƙanƙara. Ban ga wanda ya taɓo shi ba.